Yadda ake gina maƙala mai guntaye idan abin da ka tuna ya ƙi jeruwa bisa shekaru

Duk wanda ya zauna zai rubuta labarin kakarsa, ko na gidan da ya tashi a ciki, hanyar da take fara zuwa masa ita ce ya ɗauko daga haihuwa, ya bi ta aure da 'ya'ya da tsufa, ya dire a rasuwa. Yakan yi sakin layi biyu ko uku sai ya cije. Abin da ke kansa ba a wannan tsari yake ajiye ba. Yana tuna ƙamshin tunkuza a tsakar gida, yana tuna ranar da ta zane shi da bakin tsintsiya, yana tuna yadda take kwance bakin zaninta ta ciro canji, amma ko za a yanka shi bai san wanne ya riga wanne ba. Idan ya matsa wa kansa sai ya fara cusa "bayan shekara biyu" da "daga nan sai", alhali shi ma ya san cike gurbi yake yi. Mai karatu yana jin irin wannan cikon, ko da bai iya nuna inda yake ba.

Mafita ita ce a bar kowane abin tunawa a gunduwarsa, a jera su da tazara a tsakani. Marubuta sun daɗe suna yin haka. Joe Brainard a Amurka ya fitar da littafi a 1970 wanda kowane guntu a cikinsa yake farawa da "na tuna", Georges Perec na Faransa ya bi sahunsa a 1978 da guntaye 480 masu lamba. Mu ma kunnenmu ya saba da irinsa. Mai yi wa basarake kirari ba ya farawa da ranar suna. Yana jefo siffa bayan siffa, kowacce tsaye da ƙafarta, kafin ya sauke numfashi ka riga ka ga mutumin.

Sai dai idan ka cire lokaci daga rubutu, ka cire abin da ke riƙe da shi. Dole ka sa wani abu a madadinsa, in ba haka ba abin da za ka miƙa wa mutane tarkace ne. Kusan duk aikin yana wajen samo wannan madadin da kuma sanin wane guntu zai zauna kusa da wane. Zan bi matakan da misali guda. Mu ƙaddara wani jika ne a birnin Katsina yake son ya rubuta wani abu kan kakarsa ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ta rasu shekarun baya.

Fara tabbatar da cewa labarin ba mai zare ba ne

Wannan gwajin ba ya cin lokaci. Faɗi abin da baki, kamar kana ba abokinka labari. Idan ka ji bakinka yana ta cewa "shi ya sa", "saboda haka", "da ta ga haka sai", to labari ne mai dalili da sakamako, ka rubuta shi a miƙe. Tafiyar Iya aikin Hajji, daga yankan fasfo zuwa ranar da aka tarbo ta, labari ne miƙaƙƙe, yanka shi gunduwa-gunduwa ɓata shi ne. Amma idan bakinka "akwai kuma wata rana" yake ta maimaitawa, da "ta kan ce", da "ban san yaushe ba ne dai", wannan kayan maƙala mai guntaye ne.

Tara kaya, kada ka jera tukuna

Sami ƙananan takardu, ko ka yayyaga littafin makaranta gida huɗu-huɗu. Kowace takarda abu ɗaya za ta ɗauka, a layi biyu ko uku. Waya ma tana yi, amma takarda ta fi, domin nan gaba za ka baza su a tabarma kana matsar da su da hannu. Ba wa kanka kamar mako guda. Wasu abubuwan ba sa zuwa lokacin da kake zaune da biro, sai ka ji ƙamshin daddawa a wani lungu ko ka ji wata tsohuwa ta yi irin tsakinta.

Nemi takardu arba'in zuwa hamsin, ko da rabinsu za ka zubar. Goman farko yawanci su ne waɗanda duk dangi ke faɗa a wurin zaman makoki: tana da haƙuri, tana da kyauta, ba ta wasa da salla. Gaskiya ne, amma an faɗe su a kan kowace tsohuwa. Naka na kanka suna fara fitowa ne bayan ka ƙarar da waɗannan. A takarda ta ashirin da wani abu ne jikan zai tuna cewa Iya ba ta taɓa kiran sunan mahaifinsa ba, saboda shi ne ɗanta na fari, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gidanku".

A kusurwar kowace takarda sa alama ɗaya cikin uku: na gani da idona, an ba ni labari, ina zato. Wannan alamar za ta yi maka amfani sosai a gaba, domin abin da aka maimaita maka tun kana yaro yakan rikiɗe ya zama kamar kana wurin.

Nemo abin da zai riƙe jerin

Nan ne ya kamata ka daɗe. Baza takardun ka duba abin da ke yawan dawowa. Ba jigo irin "soyayyar kaka" nake nufi ba, wannan ya yi faɗi, komai yana shiga cikinsa. Ana neman abu mai iyaka, wanda ake iya ƙirgawa, wanda mai karatu zai gane dokarsa daga guntu na biyu.

Jikanmu yana da zaɓi da yawa. Yana iya bin gidan ɗaki-ɗaki, daga zaure zuwa soro na biyu zuwa tsakar gida zuwa madafa zuwa ƙuryar ɗakinta. Yana iya jera maganganunta, kowane guntu ya buɗe da wani abu da take cewa. Yana iya bin matakan yin ƙuli-ƙuli, daga suyar gyaɗa da murza da fecewa, zuwa niƙa da matsar mai da mulmulawa da toyawa, kowane mataki ya jawo abin da ya tuna. Ko kuma ya bi salloli biyar na yini guda, ya zuba shekaru ashirin a cikinsu.

Amma da ya duba takardunsa sai ya ga fiye da rabi suna manne da wani kaya nata: adaka, kasko, rediyo, asusu. Sai ya tuna cewa ranar rabon gado malamin da aka kira ya sa an fito da kayan ɗakinta tsakar gida, ana ɗaga kowanne ana yi masa kuɗi, wani baffansa yana rubutawa a takarda. To ga abin riƙewa ya samu. Maƙalar za ta zama wannan takardar: kowane guntu ya buɗe da sunan kaya da kuɗin da aka yi masa, abin tunawa ya biyo baya.

Abubuwa uku ne suka sa wannan ya fi sauran. Na farko, yana da ƙarshe, idan kaya suka ƙare rubutu ya ƙare, mai karatu kuma yana jin ana tafiya wani wuri. Na biyu, ba ya buƙatar shekaru, domin kayan ɗaki duk a rana ɗaya suke zaune, na aurenta da na bara. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, akwai tsami tsakanin busasshen lissafin da abin da ke ƙarƙashinsa. Kasko na naira ɗari biyar ne a takarda, shi ne kuma ya ciyar da gida shekara talatin. Jikan ba ya buƙatar ya faɗi wannan da bakinsa, tsarin ya faɗa masa.

Gwada abin riƙewar da ka zaɓa kafin ka amince da shi. Ɗauki takardunka biyar da ka fi ji da su, ka ga ko za su shiga ba tare da an murɗe su ba. Idan uku suka ƙi, canza. Bin matakan ƙuli-ƙuli, alal misali, ba shi da wurin da zai sa maganar sunan ɗan fari. Takardar gado kuwa tana da shi, domin a cikin adakar akwai tsohon hoton mahaifin nasa.

Sassaƙa kowane guntu ya tsaya da kansa

Ga yadda guntu yake fitowa a zubin farko:

*Iya mace ce mai tattali ƙwarai da gaske. Na tuna tana da wani asusu da take tara kuɗi a ciki, kuma kullum tana yi mana nasiha cewa mu riƙa tanadi saboda gobe. Wannan ya koya mini darasi babba a rayuwa.*

Babu abin da ido zai kama a nan. Jimlar farko hukunci ce, ta ƙarshe wa'azi ce, ta tsakiya kuma ta kowa ce. Ga shi bayan gyara:

*Asusun ƙasa, ba a yi masa kuɗi ba. Ƙarƙashin gado yake, bayan kwallaye. Kowace la'asar idan 'yan talla suka dawo takan jefa wani abu a ciki, ta juya mana baya kamar mai shan magani. Mun sha girgiza shi idan ta shiga wanka. Ranar rabo da aka fasa shi, maɓallai biyu ne a ciki da kwabo ɗaya mai huji.*

Dubi abin da aka yi. An shiga a makare, ba gabatarwa, an kuma fita da wuri, kafin a yi bayani. An sa abin da ake taɓawa da wurin da yake. An bar tambaya a buɗe: ina kuɗin suka tafi? Dokar ke nan a kowane guntu, abu ɗaya, lokaci ɗaya ko ɗabi'a ɗaya. Idan ka ga "haka kuma" a tsakiyar guntu, yawanci guntaye biyu ne suka manne, raba su.

Kula da bambancin "takan" da "ta". Guntun ɗabi'a, wanda ke cewa takan yi kaza, yana ba da shimfiɗa. Guntun rana ɗaya, wanda ke cewa ta yi kaza, shi ke ba da motsi. Abin tunawa marar kwanan wata yana son ya zube duka cikin "takan", kuma maƙalar da duk "takan" ce tana sa barci. Cikin kowane guntaye uku, nemi aƙalla ɗaya wanda sau ɗaya tak ya faru.

Tsawonsu kuma kada ya zama ɗaya. A maƙala mai kalmomi 1,500 zuwa 2,000, guntaye goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. Biyu ko uku su yi tsawo, kamar kalmomi 250, su ne ginshiƙai. Wasu su tsaya a layi ɗaya. *Carbi, an ba Goggo, ba a yi masa kuɗi ba.* Shi ke nan, ya wadatar, musamman idan ya biyo bayan dogo mai nauyi.

Maganar shekaru da shakka

Rashin bin shekaru ba ya nufin mai karatu ya ɓace gaba ɗaya. Yana buƙatar turaku biyu ko uku da zai gane zamanin da ake ciki. Tsofaffinmu ba sa riƙe shekara da lamba, da aukuwa suke riƙe ta, kuma wannan ya fi daɗin karatu. Shekarar canjin hannu, da motoci suka koma bin dama a Najeriya, 1972 ce. Naira ta maye gurbin fam a farkon 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, shi ya sa tsohuwa irin Iya za ta ce "fam biyar" tana nufin naira goma har ƙarshen rayuwarta. An kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976. An canza launin takardun naira a Afrilun 1984, aka ba mutane kwanaki ƙalilan su kai tsofaffin banki. Husufin rana da ya duhunta sassan Zamfara da Katsina da kudancin Nijar da hantsi ya faru ne ranar 29 ga Maris 2006.

Azumi ma ma'auni ne mai kyau, tunda yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Idan jikan ya tuna yana rakuɓe a gefen murhun Iya lokacin sahur, ana hunturu, leɓensa ya tsage, to tsakanin 1996 da 2000 ne, lokacin da Ramadan ya faɗo a Janairu da Disamba. Ba sai ya rubuta shekarar ba. "Azumin da ya zo cikin sanyi" ya ishi duk wanda ya yi zamanin.

Yanzu koma ga alamomin kusurwa. Abin da aka ba ka labari, faɗi wanda ya ba ka. Abin da kake zato, bar zaton a fili. A irin wannan rubutu shakka kaya ce, ana amfani da ita:

*Adaka, naira dubu biyu. Ni shuɗiya nake tuna ta. Goggo ta rantse koriya ce, ta ce ai ita ta ɗauko ta a ka ranar da aka sayo. A can ƙasa, cikin tsumma, an sami takardun naira irin na kafin canjin 1984, a naɗe da zare. Baba ya ce lokacin ya yi ta fama da ita ta kawo ya kai mata banki, ta ce ba ta da komai. Ban san ko mantawa ta yi ba, ko kuwa ba ta yarda kuɗi suna mutuwa ba.*

An ji muryoyi uku, ba a yanke hukunci ba, kuma babu ƙarya ko ɗaya. Sai dai kada "ban sani ba" ya zama ado. Sau biyu ko uku a maƙala ya isa, a wuraren da rashin sanin yake da nauyi. Wanda ya sa shi a kowane guntu zai gajiyar da mutane, su fara tambayar to me ka sani.

Jerawa

Baza guntayen da ka gyara a tabarma. Abu na farko, ware guda ɗaya wanda ya fi nauyi, wanda kake jin nauyin rubuta shi. A wurin jikanmu shi ne gadon ƙarfen da ta yi jinya a kai, da wata rana da ta dube shi ta kira shi da sunan mahaifinsa, sunan da ba ta taɓa furtawa ba. Wannan ba ya zuwa farko, domin mai karatu bai san ta ba tukuna, ba kuma ya zuwa ƙarshe, domin zai zama kamar an ɗana tarkon hawaye. Wurinsa wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar. Kuma ba zai yi aiki ba sai an riga an shuka guntun alkunyar ɗan fari tun da wuri, a na uku ko na huɗu, an bar shi can mai karatu ya kusa mantawa.

Guntun farko aikinsa koyar da doka. Ya zama mai sauƙi, ya nuna tsarin sarai: ga malam, ga kaya a tsakar gida, ga baffa da biro, ga abu na farko da kuɗinsa. Idan mai karatu ya kai na uku bai gane yadda ake karanta abin ba, ya tafi.

Sauran kuma maƙwabtaka ce. Duk guntaye biyu da ka ajiye kusa da juna, mai karatu zai nemi alaƙarsu da kansa, ko ka so ko ba ka so ba. Yi amfani da wannan. Bayan asusun da aka tarar babu komai, jikan zai iya sa wannan:

*Rediyo, naira ɗari takwas, ba ya kamawa sai an buga shi. Shekarar da aka kore ni gida saboda kuɗin jarrabawa, kwana biyu na yi ina kwance kusa da shi. A na uku Baba ya ce in sa kayan makaranta, an biya. Ban tambayi wanda ya biya ba. A lokacin Baba ba shi da aiki.*

Babu jimlar da ta ce Iya ce ta biya. Mai karatu ne ya haɗa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa. Idan ka raba waɗannan biyun da guntaye shida, haɗin ya tsinke. Idan kuma ka ƙara "ashe Iya ce", ka ƙwace masa aikinsa. Irin wannan haɗin ba a yin sa a kowace gaɓa, uku ko huɗu a maƙala sun isa. Sauran gaɓoɓin su zama na sauyin iska: mai nauyi ya bi mai ban dariya, dogo ya bi gajere, na cikin ɗaki ya bi na waje.

Sannan zaɓi abu ɗaya da zai riƙa dawowa, kamar amshi a waƙa. A nan "ba a yi masa kuɗi ba" ne. Ya fito a asusu, ya fito a carbi, ya fito a tsofaffin takardun naira. Sharaɗin shi ne kowace dawowa ta zo da wata ma'ana dabam: na farko don ba shi da daraja, na biyu don ya fi ƙarfin a yi masa kuɗi, na uku don darajarsa ta mutu. Idan amshi ya dawo bai canza komai ba, cire shi.

Wajen guntaye na goma sha biyu ko sha uku, lokacin da mai karatu ya saba, karya dokar sau ɗaya. Sa wani abu da ba ya cikin takardar baffa: *Ba a rubuta ba: ƙaurin mai da ya kama bangon madafa.* Sau ɗaya ne yake da ƙarfi. Na biyu ya zama salo.

Inda abin yake lalacewa, da yadda za ka gane

Gwaji na farko, cakuɗa takardun ka sake karantawa a yadda suka faɗo. Idan ba ka ji an yi asarar komai ba, ba ka jera ba tukuna, tarawa kawai ka yi. Na biyu, zare guntu ɗaya-ɗaya. Wanda aka zare maƙwabtansa ba su yi kewarsa ba, ya tafi, ko da kuwa shi ne mafi daɗin jimloli. Wannan yana da ciwo, amma ajiye shi a wani wuri, wata maƙalar za ta nema.

Na uku, karanta jimlar ƙarshe ta kowane guntu kaɗai, a jere. Idan ka ji kamar kana sauraron nasihohi, "Allah sarki rayuwa", "haka duniya take", "sai yanzu na gane", yanke su duka. Guntu ya ƙare a kan aiki ko abu ko maganar wani. Haka kuma duba farkonsu. Idan "sannan" da "bayan haka" sun fara saɗaɗowa, labarin yana son komawa miƙaƙƙe ne, ko dai ka bar shi ya koma ko ka toshe ƙofar.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu. Ba ma son faɗin aibin mamaci, kuma da gaskiyarmu. Amma jerin da duk yabo ne ba ya nuna mutum, ta'aziyya ce mai tsawo. Ba a ce ka tona asiri ba. Nuna tsaurinta ta hanyar aiki, ba tare da ka sa mata suna ba: ludayin da take auna mai da shi, wanda ba ta taɓa ƙara wa kowa ɗigo a kai ba, har kishiyarta da ta zo saye ranar da ba ta da ko sisi. Mai karatu zai ga mace mai riƙo, zai kuma ga inda kuɗin da take jefawa a asusun suke fitowa. Abin da ya shafi rayayyu kuwa, kamar rigimar da aka yi kan gadon, ko ka bar shi ko ka karanta wa masu abin kafin ya fita. Kira mutane da Goggo da Baffa da Yaya, ba sai da sunayensu ba.

Daga nan ba wa wanda bai san Iya ba ya karanta, ka yi masa tambaya biyu: wace irin mace ce, kuma a ina hankalinka ya fara tafiya wani wuri? Idan amsar farko "mutuniyar kirki" ce kawai, guntayen ba su da kaifi. Amsa ta biyu kuma tana nuna maka inda guntaye masu kama da juna suka taru, yawanci a tsakiya.

Alamar rabuwa, guntun ƙarshe da take

Yawancin masu karatunka a waya za su gani, kuma a waya layin da aka bari fayau ba ya bambanta da sabon sakin layi. Sa alama bayyananniya. Idan tsarinka yana da kanun kansa, kamar sunan kaya da kuɗinsa, su ne alamar, a rubuta su da kauri. Idan babu, taurari uku a tsakiyar layi sun isa. Lamba tana da kyau idan jerin da kansa abin ƙirgawa ne, kamar takardar gado, amma ka sani tana sa mutum ya ɗauka na 1 ya riga na 2 faruwa. Idan ba haka kake nufi ba, guntun farko ya warware wannan.

Guntun ƙarshe kada ya tattara komai. Bari tsarin ya rufe kansa ta hanyar da irin takardar take rufewa. Takardar gado tana ƙarewa da jimillar kuɗi, da abin da aka cire na bashi da wasiyya, da sa hannun shaidu, to maƙalar ma ta ƙare a nan, a busasshiyar murya irin ta baffa. Da gidan aka bi ɗaki-ɗaki, sai a ƙare a ɗaki na ƙarshe. Da salloli aka bi, sai a ƙare a lisha.

Take shi ne abin da za ka sa daga baya, kuma ya faɗi tsarin, kada ya faɗi abin da kake ji. "Kewar kakata" bai gaya wa kowa yadda zai karanta ba. "Kayan ɗakin Iya, kamar yadda aka rubuta su ranar rabo" ya riga ya yi rabin aikin guntun farko, har yakan ba ka damar rage masa layi biyu ko uku.